Zanen Bulet da Geji: Tambayoyi da Amsoshi Kan Nuna Inda Aiki Ya Kai

Duk amsoshin nan sun dogara ne da misali guda, wanda aka ƙago don bayani. Dillalin takin zamani ne mai rassa takwas. An yanka wa ɗaya daga cikin rassan burin sayar da buhu 1,200 a wata, ya zuwa yanzu ya sayar da 930. Abin da ake so shi ne mai gida ya kalli dashbod, wato shafin da ke tara alƙaluman aiki wuri guda, sau ɗaya ya gane wane reshe ne ke baya, kuma da nawa.

Mene ne zanen bulet, kuma daga ina ya fito?

Stephen Few ne ya ƙirƙiro shi a 2005, ya kuma yi bayaninsa a littafinsa Information Dashboard Design na 2006. Dalilinsa a fili yake: ya ga dashbod na kamfanoni sun cika da zanen geji masu kama da na gaban mota, suna cin wuri, ba sa faɗin abin kirki.

Zanen yana da sassa biyar. Akwai suna a gefe, wato sunan abin da ake aunawa. Akwai layin ma'auni miƙaƙƙe mai lambobi. Akwai sanda baƙa siririya a tsakiya, ita ce ke nuna abin da aka samu, a misalinmu 930. Akwai gajeren layi da ya gitta, shi ne burin, a kan 1,200. A bayansu duka kuma akwai faffaɗan fage da aka raba kashi biyu zuwa biyar, kowane kashi da irin duhunsa, don a san ko aiki ya yi rauni, ko da dama-dama, ko ya yi kyau. Idan sanda ta taɓa layin da ya gitta, an cika buri. Idan ba ta taɓa ba, tazarar da ke tsakaninsu ita ce sauran aiki.

To geji fa? Ai kowa ya san yadda ake karanta shi.

Gaskiya ne, kuma wannan ce babbar fa'idarsa. Duk wanda ya taɓa duba gejin mai ya san ma'anar allura ta kwanta hagu. Sai dai a mota, allura tana motsi ne a kan idon direba, iyakar ƙasa da ta sama kuma ba sa canzawa, tanki dai ba zai wuce cika ba. Cinikin wata kuwa ba ya motsi kana kallo, lamba ɗaya ce da ake sabuntawa sau ɗaya a yini ko a mako, kuma ba shi da iyakar sama ta haƙiƙa. Sai ya zamana an ɗauko siffar na'ura, an bar abin da ya sa siffar ta dace da ita.

Da ake cewa geji yana ɓarnar wuri, ɓarnar nawa ce?

A yi lissafin. A ɗauki geji mai rabin da'ira, faɗinsa fiksel 200. Dole tsayinsa ya zama rabin faɗinsa, wato 100, domin da'ira ba ta yarda a matse ta. Akwatin da ya zauna a ciki fiksel 20,000 ke nan. Lungunan sama biyu, na hagu da na dama, babu komai a cikinsu, kuma sun kai wajen kashi 21 cikin ɗari na akwatin. Cikin rabin da'irar ma yawanci fanko ne, allura ce kawai ke ratsa shi. Idan kaurin bakan da ke ɗauke da launuka fiksel 20 ne, yankinsa bai wuce fiksel 5,700 ba, wato wajen kashi 28 cikin ɗari. Sauran kashi 72 ɗin, in ka cire siririyar allura, fili ne kawai. Ƙara fiksel 40 na suna da lamba, geji guda ya tashi 200 sau 140, wato 28,000.

Zanen bulet mai tsawon fiksel 200, da wurin suna mai 100 a gefensa, da tsayi 30, ya tashi 9,000. Bai kai sulusin na geji ba, kuma yana ɗauke da duk abin da gejin ke ɗauke da shi.

Inda abin ya fi fitowa shi ne a waya, domin manajoji da yawa a nan suke buɗe rahoto. Fuskar waya da yawa faɗinta wajen fiksel 360 ne a shafin intanet. Geji biyu masu 200 ba za su jeru gefe da gefe ba, sai dai ɗaya bisa ɗaya, takwas sun ci tsayin 1,120. Mai gida zai yi ta jan shafi, kafin ya kai reshe na takwas ya manta inda allurar na farko take. Bulet takwas da layin ma'auni guda a ƙasansu sun tsaya a kan 270. Duk suna gaban ido lokaci guda.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a ba geji haƙƙinsa. Bakansa ya fi miƙaƙƙen layi tsawo: a faɗin 200, bakan waje ya kai wajen 314. Saboda haka matsalarsa ba ƙarancin wurin jera lambobi ba ce. Matsalar ita ce tsayin da yake ci don ya samu wannan bakan, da kuma cewa idan aka ƙanƙanta shi, lambobin da ke kewaye da shi su ne farkon abin da ke daina karantuwa.

Idan ina da babban allo, wuri bai dame ni ba. Da sauran matsala?

Da saura, kuma ita ce ta fi ta wuri girma: kwatantawa. William Cleveland da Robert McGill sun wallafa bincike a 1984 kan yadda ido ke karanta zanen alƙaluma. Abin da suka nuna shi ne mutane sun fi dacewa da daidai idan suna kwatanta matsayi a kan ma'auni guda, kuma suna yin kuskure fiye da haka idan kusurwa suke kwatantawa. Geji da kusurwa yake magana.

A ce reshe ɗaya yana kan kashi 77.5 na burinsa, wani yana kan 82, ma'aunin kuma daga sifili zuwa kashi 125 ne. A kan rabin da'ira, wannan bambancin digiri shida da rabi ne kacal, kuma alluran biyu suna kan fuskoki daban, kowace da nata tsakiyar. Ba mai iya cewa ga wadda ta fi sai ya karanta lambar da aka rubuta a ƙasa. In kuwa sai an karanta lambar, to me zanen ya ƙara? A kan sanduna masu cikakken tsawon fiksel 250 da suka taso daga layi guda, bambancin fiksel 9 ne, ɗaya a saman ɗaya. Ido zai ga wadda ta zarce ba tare da ya nemi lamba ba.

Yaya ake yanke iyakokin rauni, dama-dama da kyau?

Wannan ba aikin mai zane ba ne, hukuncin masu kasuwanci ne, kuma ya kamata a rubuta shi a wani wuri da kowa zai gani. A misalinmu an amince cewa ƙasa da kashi 60 na buri rauni ne, daga 60 zuwa 90 dama-dama, sama da 90 ya yi kyau. A buhuna, iyakokin su ne 720 da 1,080, sai ma'aunin ya ƙare a 1,500. Buhu 930 ya faɗa a kashi na tsakiya.

Lura cewa burin, 1,200, yana cikin kashin ƙarshe ne, ba a bakinsa ba, ba kuma a ƙarshen ma'auni ba. Idan aka sa ma'auni ya ƙare daidai kan buri, reshen da ya sayar da 1,200 da wanda ya sayar da 1,450 za su fito iri ɗaya, ko kuma sandar na biyun ta fice daga zanen. A bar sarari na kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari bayan buri.

Kashi uku sun isa a mafi yawan lokuta. Biyar ne iyaka, kuma da wuya ka ga wurin da shugabanni ke ɗaukar mataki iri biyar daban-daban bisa lamba guda. Ga hanyar gwaji: idan kashi biyu da ke maƙwabtaka ba su sa a yi wani abu daban ba, a haɗe su. Manhajar Tableau, idan aka zaɓi zanen daga `Show Me`, tana sa iyakokin a kashi 60 da 80 da kanta. Wannan zaɓin manhaja ne, ba ta san kasuwancinka ba, a canza shi.

Me ya sa ake amfani da toka-toka maimakon ja, ruwan ɗorawa da kore?

Dalili uku. Na farko, akwai masu matsalar rarrabe ja da kore, a tsakanin mazan da asalinsu arewacin Turai ne sun kai wajen mutum ɗaya cikin goma sha biyu, kuma babu al'ummar da ba a samunsu. Na biyu, rahoto da yawa ana buga shi ne a firinta mai baƙin tawada kawai, a nan ja da kore sukan fito da duhu kusan ɗaya. Na uku, idan fagen baya ya yi ƙyalli, shi ido zai fara kamawa, alhali sandar ce labarin.

Abin da aka saba shi ne launi guda mai duhu daban-daban, mafi duhu ga rauni, mafi haske ga kyau. Ga kashi uku, duhun baƙi na kashi 40, 25 da 10 cikin ɗari yana fita sosai. Sandar ta zama baƙa wuluk, kaurinta kamar sulusin kaurin fagen. Layin buri kuma ya ɗauki wajen kashi 60 na kaurin fagen, don ya fi sanda tsayi, ko ta ratsa shi a ci gaba da ganinsa. In ana son ja, a ajiye shi don ɗigo guda a gefen sunan reshen da ke cikin rauni. Ja ɗaya a shafi yana jan ido, ja takwas ba sa jan komai.

Wata bai ƙare ba. Shin 930 cikin 1,200 yana nufin reshen yana baya?

Nan ne geji da bulet duka suke yaudarar mutane idan ba a yi hattara ba. A ce yau 20 ga wata ne mai kwana 30. Idan ciniki yana tafiya daidai kowace rana, abin da ya kamata a ce an sayar zuwa yau shi ne kashi biyu bisa uku na 1,200, wato 800. Reshen da ke kan 930 ya wuce inda ake sa ran ganinsa da buhu 130. Amma zanen da ya nuna burin ƙarshen wata kaɗai zai ajiye shi a dama-dama, a ranar 5 ga wata kuwa zai jefa duk rassan cikin rauni. Bayan wata biyu ko uku a haka, mutane sukan daina kula da duhun fagen gaba ɗaya.

Gyaran hanya biyu ce. Ta farko, a sa layin buri da iyakoki su bi ranar da ake ciki: a ranar 20, buri 800, iyakoki 480 da 720. Ta biyu, a bar burin wata a inda yake, a ƙara wa sandar wutsiya mai haske da ke nuna inda ake hasashen za a kai. Buhu 930 a kwana 20 shi ne 46.5 a rana, a kwana 30 ya zama 1,395. Baƙar sanda ta tsaya a 930, wutsiyar ta zarce layin buri zuwa 1,395, sai mai kallo ya ga abin da aka samu da inda aka dosa a layi guda. Allura ɗaya ba za ta iya wannan ba, sai an ƙara ta biyu, daga nan fuskar geji ta fara cunkushewa.

A yi hankali da raba buri daidai-wa-daida a kan kwanaki. Taki ba ya tafiya haka. Kasuwarsa tana tashi da faɗuwar damina, ranar kasuwa kuma ba ɗaya take da sauran ranaku ba. Gara a duba bara a ga kashi nawa na cinikin wannan watan aka yi zuwa ranar 20. Idan kashi 80 ne, abin da ake sa rai yau 960 ne, reshen da muka yaba ɗazu yana baya da buhu 30 ke nan. Alƙalami ɗaya, hukunci biyu, bambancin duk yana ga abin da aka gwada shi da shi.

Rassana burinsu ba ɗaya ba ne. Yaya zan jera su?

Idan wani reshe burinsa buhu 1,200 ne, wani 300, aka ɗora su kan ma'aunin buhu guda, ƙaramin zai zama ɗan guntu a lungu. Idan kuma kowa da nasa ma'aunin, tsawon sanduna ba zai kwatantu ba. Mafita ita ce a mai da kowanne kaso cikin ɗari na burinsa. Duk layukan buri sai su jeru a kan 100, ma'auni guda a ƙasa ya wadatar. A rubuta adadin buhuna a gefe da lamba, domin kashi 50 na 1,200 asarar buhu 600 ce, kashi 50 na 300 kuwa 150. Sannan a jera daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi, ba bisa haruffan suna ba.

Idan raguwar lamba ita ce alheri, kamar kashe kuɗi ko bashin da ke hannun masu saye?

A juya duhun fagen: haske a kusa da sifili, duhu a can ƙarshe. Dokar dai ba ta canzawa, bakin sanda a cikin duhu matsala ne. A rubuta a jikin sunan cewa ƙasa ta fi, don a shafin da aka gauraya ciniki da bashi, mai sauri zai ɗauka duk doguwar sanda abin murna ce.

Dole ne ma'auni ya fara daga sifili?

Muddin sanda ce, dole. Tsawon sanda shi ne adadin. Idan ma'auni ya fara daga 600, buhu 900 zai fito da tsawon 300, buhu 1,200 da tsawon 600, sai a ga kamar na biyun ya ninka na farko, alhali sulusi kawai ya ɗara shi. Idan duk lambobin sun taru a sama, kamar kason isar da kaya kan lokaci da ke yawo tsakanin 90 da 100, ana iya fara ma'auni daga 85, amma sai a cire sandar a sa ɗigo a madadinta.

Yaya ake haɗa shi a Excel, tunda babu shi a jerin zane?

Mai tsaye ya fi sauƙin haɗawa. A rubuta layi biyar: rauni 720, dama-dama 360, kyau 420, abin da aka samu 930, buri 1,200. A kula da lambobi ukun farko, faɗin kowane kashi ne, ba iyakarsa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta 720, 1,080 da 1,500. Tunda ɗora su ake yi bisa juna, fagen zai tashi har 3,300, sandar ta koma 'yar ƙarama a ƙasa. Da ka ga ma'aunin fagen ya zarce 3,000 bayan an mai da sanda da buri kan nasu ma'aunin, ka san abin da ya faru.

A zaɓi layukan, a saka `Stacked Column`. Idan suka fito a warwatse maimakon a ɗore, a danna `Switch Row/Column`. Daga nan a shiga `Change Series Chart Type`, a mai da abin da aka samu `Clustered Column`, buri kuma `Line with Markers`, a yi wa dukansu alamar `Secondary Axis`. A sa `Gap Width` na fagen ya zama 50%, na sandar 350%, wannan ne ke ba da kaurin sulusi daidai. A cire layin da ke jikin buri, a zaɓi alama mai siffar gajeren layi a kwance, a ƙara mata girma.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ake mantawa. Yanzu zanen yana da ma'auni biyu, na hagu da na dama, kuma Excel yana zaɓa wa kowanne iyakarsa. A sa `Minimum` 0 da `Maximum` 1500 da hannu a kan duka biyun. In ba haka ba, sanda tana kan ma'auni ɗaya, fage yana kan wani, buhu 930 zai iya bayyana a cikin kashin kyau. Idan za a ɓoye ma'aunin dama, a sa `Label Position` ɗinsa ya zama `None`, ya fi goge shi aminci.

Ga mai aiki da Python, 'yan layukan nan sun isa a matplotlib:

```python
import matplotlib.pyplot as plt
fig, ax = plt.subplots()
ax.barh([0, 0, 0], [720, 360, 420], left=[0, 720, 1080],
        height=0.9, color=["0.6", "0.75", "0.9"])
ax.barh(0, 930, height=0.3, color="black")
ax.vlines(1200, -0.27, 0.27, color="black", linewidth=3)
ax.set_xlim(0, 1500)
plt.show()
```

Gejina a Power BI kullum yana tsakiya, ko ciniki ya hau ko ya sauka. Me ya faru?

Ba a cika gurbin `Maximum value` ba. Idan babu komai a wurin, manhajar tana ɗaukar ninkin abin da ke `Value` ta mai da shi iyakar sama. Ciniki 930, iyaka 1,860. Gobe ciniki 1,000, iyaka 2,000. Bakan zai cika rabi har abada. A cika `Minimum value`, `Maximum value` da `Target value` duka ukun, kuma iyakar sama ta zama wani kaso tsayayye na buri, kamar buri sau 1.25, don ta bi kowane reshe idan an tace bayanai.

Akwai inda geji ya dace?

Akwai. Inda abin da ake aunawa yake canzawa daƙiƙa bayan daƙiƙa, yana da iyakoki na zahiri, kuma mai kallo ya saba da na'urar da ake kwaikwayo: matsin tukunyar tururi, zafin injin janareta, gudun mota. A nan mai aiki ba kwatanta lamba takwas yake yi ba, yana satar kallo ne ya ga ko allura tana inda ta saba zama. Haka kuma idan lamba ɗaya tak za a nuna a allon bango, ɓarnar wuri ba ta cutar da kowa. Da zarar lambobin sun kai uku ko huɗu kuma ana son a san wanne ya fi, hujjar geji ta ƙare.

Me zanen bulet ba ya iya nunawa?

Ba ya nuna tarihi. Reshen da ya hau daga kashi 50 zuwa 77 da wanda ya gangaro daga 110 zuwa 77 sandarsu ɗaya ce. Maganin shi ne a sa ɗan ƙaramin zanen layi na watanni goma sha biyu a gefen kowace sanda, irin wanda Edward Tufte ya yayata, ko a ƙara alama ta biyu mai haske a inda aka tsaya bara war haka. Kada alamun kwatanci su wuce biyu.

Sannan wanda bai taɓa ganinsa ba yakan ɗauki layin da ya gitta a matsayin ƙarshen ma'auni, ko ya ɗauki fagen toka a matsayin wasu sandunan. Layi ɗaya na bayani a saman shafi yana magance wannan: baƙar sanda abin da aka sayar, gajeren layi buri, toka mai duhu ƙasa da kashi 60, mai haske sama da kashi 90. A rubuta ranar da alƙaluman suka tsaya a kai a wannan layin.